Sabon batir a kwali ba lallai sabo ba ne

Jama'a, mu da ke sayen batirin mota a Ƙofar Ruwa ko Sabon Gari, me ya sa ciniki da garanti kawai muke ja a kai, ba ma tambayar yaushe aka ƙera shi? Batirin da ya zo da ruwansa a rufe, tun daga masana'anta yake fara tsufa. Ko ba a ɗaura shi a mota ba cajinsa na zurarewa a hankali, zafin Kano kuwa ƙara masa gudu yake. In ya daɗe a haka, wani farin gishiri yakan daskare a jikin farantan dalmar da ke ciki, kuma caji ba ya narkar da shi duka.

Ka sa a fito da shi daga kwali. Duba saman murfin ko gefensa, za ka ga lambobi da haruffa da aka ƙona a jikin robar. Kamfanoni da yawa harafi suke sa wa wata, lamba ɗaya kuma shekara. Harafin A Janairu ne, B Fabrairu, haka har L Disamba. Wasu kuma suna tsallake I don kada a ɗauke shi 1, sai Disambansu ya koma M.

A ce a Afrilun 2025 an miƙo maka mai `K3`. Ukun nan 2023 ke nan. K kuwa Nuwamba ne, ko Oktoba in kamfanin mai tsallake I ne. Ko wanne ka ɗauka, batirin ya kusa shekara ɗaya da rabi a ajiye. Ni dai abin da ya haura wata shida ba na biyan kuɗin sabo a kansa.

Mai shago zai ce, "Alhaji, ga mita, gani ya kori ji." Gaskiya ne lafiyayyen batir mai cikakken caji volt 12.6 yake nunawa, in ya yi ƙasa da 12.4 ya fara sauka. Amma wanda aka cire daga caji ɗazu zai nuna maka sama da haka ko da tsoho ne, don haka mita ba ta faɗin shekaru. Sitikar kwanan wata ma ban cika yarda da ita ba, kowa na iya liƙawa. In ta saɓa da ƙonanniyar lamba, ƙonanniyar nake bi.

Sai dai ba kowane kamfani ke bin wannan tsari ba. Wasu shekara suke fara sawa, wasu su cusa ranar cikin doguwar lamba. In ka kasa warware ta, kada ka yi cinta. Ka ce a jero maka uku ko huɗu na kamfani ɗaya, ka ga inda lambobin suka bambanta, sannan mai shago ya karanta maka su ɗaya bayan ɗaya. In karatunsa na na biyu bai bi ƙa'idar na farko ba, ka matsa shagon gaba.