Takardar sulhu: a rubuta ranar biya, kuma kada a rufe magana kafin kuɗi su shiga hannu

A kasuwanninmu na Marwa da Garwa da Kusseri a arewacin Kamaru, yawancin rigingimun kuɗi ba sa isa kotu. Ana sasanta su ne a zauren sarkin kasuwa, ko gaban liman, ko wajen wani dattijo da ɓangarorin biyu suke jin nauyinsa. A yi ta magana har a tsaya a kan adadi, a yi musabaha, a shafa fatiha, kowa ya tashi yana cewa magana ta wuce. Wannan hanya ta fi shari'a sauƙi da araha, kuma tana barin zumunci da rai. Matsalarta ɗaya ce: abin da aka tsayar ya tsaya a baki, kuma bayan wata biyu kowane ɓangare yana tuna zaman yadda ya fi masa daɗi. Ra'ayina shi ne, sulhun kuɗi bai kammala ba sai an rubuta shi a wurin, kuma abubuwa biyu ne ginshiƙan takardar, wato ranar biya da jimlar da ke cewa magana ta ƙare. Abin da mutane suka fi kuskurewa shi ne yadda za a ɗaure waɗannan biyun da juna.

Mu ɗauki misalin da kowane ɗan kasuwar albasa zai gane. Wani mai albasa a Marwa ya ba wani fatake kaya bashi, ya kai Duwala ya sayar, a kan sefa miliyan 2 da dubu 400. Mota ta lalace a hanya, wani ɓangare na kayan ya ruɓe. Fataken ya ce tun a wurin lodi albasar ba ta bushe sosai ba, mai kaya kuwa ya ce jinkirin mota ne, ba ruwansa. Dattawa suka zauna, suka raba asarar, aka tsaya a kan miliyan 1 da dubu 800. Mai kaya ya yafe dubu 600. Da aka tambayi fataken yaushe zai biya, sai ya ce: "Alhaji, ka yi haƙuri, da na sayar da lodi na gaba zan kawo, in Allah Ya yarda." Aka tashi a haka.

Mai kaya ya ba da abin da ke hannunsa nan take, domin yafiyarsa ta faɗi a gaban shaidu, shi kuma ya karɓi alkawarin da ba shi da rana. Lodi na gaba yana iya zama mako mai zuwa, yana iya zama baɗi. Haka "bayan Sallah" da "in kaka ta yi", duk lokuta ne da mai bashi zai iya ja yadda ya so ba tare da an kama shi da ƙarya ba. Ayar bashi a Suratul Baƙara, aya ta 282, ta yi umarni a rubuta bashin da aka ƙulla zuwa ajali ambatacce, don haka wanda ya nemi a sa rana a takarda bai zo da baƙon abu ba, kuma bai zargi kowa ba.

Doka ma nan ta dosa. A yankunanmu masu amfani da Faransanci, tsohon kundin dokokin farar hula da aka gada daga Faransa shi ne yake aiki, kuma sashe na 2044 ya bayyana sulhu a matsayin yarjejeniyar da ake kashe rigima da ita, ya kuma ce a rubuta ta. Sashe na 2052 ya ba ta ƙarfin hukuncin ƙarshe tsakanin waɗanda suka ƙulla ta. Ita kuwa rana, amfaninta yana fitowa ne idan aka ƙi biya. Kamaru da Chadi duka suna ƙarƙashin dokokin kasuwanci na OHADA, ƙungiyar da ke daidaita irin waɗannan dokoki tsakanin wasu ƙasashen Afirka, kuma dokokin sun tanadi gajeriyar hanya ta neman alƙali ya ba da umarnin biya. Sharaɗin wannan hanya shi ne bashin ya zama tabbatacce, adadinsa sananne, kuma lokacin biyansa ya riga ya yi. Takarda mai adadi da rana tana cika ukun a shafi ɗaya. Alkawarin lodi na gaba kuwa yana barin mai kaya yana jayayya a kan ko lokaci ya yi, kafin ma a zo maganar kuɗi.

Saboda haka takardar misalinmu ya kamata ta ce fataken zai biya sefa dubu 900 a ranar kaza ta watan kaza ta shekara kaza, da sauran dubu 900 a wata rana ambatacciya, kowace da lamba. A rubuta adadin da lamba da kuma kalmomi, a kuma fayyace cewa faran sefa ake nufi, tunda a kasuwa wasu suna lissafi da dala ko riyal, wato biyar-biyar. A faɗi hanyar biya: hannu da hannu a gaban wa, ko ta waya zuwa wace lamba, da wanda zai ɗauki kuɗin cirewa. Wannan na ƙarshe ƙaramin abu ne, amma ya isa ya tayar da sabuwar gardama a kan jaka goma bayan an kashe ta miliyan biyu.

Sai babbar magana, wato jimlar rufewa. Fataken yana da haƙƙin ya nemi a rubuta cewa da wannan sulhu babu sauran wani abu tsakaninsa da mai kaya a kan wannan ciniki. Idan bai samu wannan jimla ba, yana iya biyan miliyan 1 da dubu 800 cif, sannan wata rana mai kaya, ko magadansa bayan ransa, su fito da tsohon littafin bashi mai nuna miliyan 2 da dubu 400, su ce abin da aka karɓa kafin alƙalami ne, saura dubu 600. Dattawan da suka yi sulhun wataƙila wani ya rasu, wani ya yi ƙaura, wani ba ya son shiga tsakani. Jimlar rufewa garkuwar mai biya ce, kamar yadda rana take garkuwar mai karɓa.

Haɗarin yana wurin lokacin da jimlar za ta fara aiki. Idan mai kaya ya sa hannu yau a takardar da ta ce ya yafe saura kuma ba ya bin komai, alhali ko sisi bai karɓa ba, to ya sayar da dubu 600 a kan alkawari. Fataken ya ƙi biya, mai kaya ba zai iya komawa kan tsohon adadi cikin sauƙi ba, domin hannunsa yana kan takardar da ta rage shi. Gyaran shi ne a ɗaura rufewar a kan biya. A rubuta kamar haka: idan aka kammala biyan sefa miliyan 1 da dubu 800 a ranakun da aka ambata, to magana ta ƙare gaba ɗaya, kuma babu ɓangaren da zai sake neman wani abu a kan wannan ciniki, idan kuwa rana ta wuce da kwana bakwai ba a biya ba, rangwamen ya faɗi, bashi ya koma miliyan 2 da dubu 400, a cire abin da aka riga aka biya. Yana da kyau a ƙara cewa wucewar ranar kaɗai ta isa gargaɗi, domin in ba a faɗi haka ba, doka takan buƙaci a fara aika wa mai bashi takardar gargaɗi, sau da yawa ta hannun usiye, wato jami'in da ke isar da takardun shari'a da zartar da hukunci, wannan kuma wani kuɗi ne da wani lokaci. Ranar da kashi na ƙarshe ya shiga, mai kaya ya rubuta rasit mai cewa ya karɓi cikon kuɗin, ya kuma mayar wa fataken asalin tsohuwar takardar bashi in akwai ta.

Akwai masu cewa komawa kan tsohon adadi ya yi tsauri ga mutumin da kayansa suka ruɓe. Ina ganin hujjarsu, shi ya sa kwanakin sassauci suke da muhimmanci, kuma ba laifi a tsawaita su. Amma rangwamen da ba ya faɗuwa ko an saɓa alkawari yana koya wa mai bashi cewa jinkiri ba ya cin komai, kuma yana sa masu kaya su daina yarda da sulhu tun farko.

Faɗin rufewar ma sai an auna shi. Sassa na 2048 da 2049 na wancan kundin suna taƙaita sulhu a kan rigimar da aka yi shi dominta. Duk da haka bai kamata a bar wa alƙali aikin hasashe ba. Idan mai kaya yana bin fataken wani bashi na buhunan wake tun bara, kuma aka rubuta cewa babu sauran komai tsakaninsu ta kowace fuska, an buɗe ƙofar fataken ya ce har waken ya shiga. A ambaci cinikin da sunansa, albasa buhu kaza da aka loda ranar kaza, sannan a faɗi ƙarara ko kuɗin mota da na dillali suna ciki. Akwai kuma iyakar da takarda ba ta tsallakewa: idan abin ya haɗa da laifi, kamar zamba ko cin amana, sulhu yana kashe maganar diyya ne kawai, ba ya hana mai gabatar da ƙara na gwamnati ci gaba da aikinsa, kamar yadda sashe na 2046 ya nuna. Kada a yi wa mutum alkawarin abin da ba ya hannun mai yin alkawarin.

Sauran sharuɗɗan ba su da wuya. Cikakken suna da lambar katin ɗan ƙasa na kowa, gari da ranar rubutu, kwafi biyu na asali kowa da nasa, a kuma rubuta a ciki cewa biyu aka yi. Shaidu su sa hannu. Wanda ba ya karatu a karanta masa da harshen da yake ji, Hausa ko Fulatanci ko Larabci, kafin ya dangwala, a rubuta cewa an karanta masa. Tunda kotu da Faransanci take aiki a nan, ya fi sauƙi a samu wanda zai rubuta da shi tun farko. Idan wakili ne ya zo zaman, ɗa ko yaron shago, a tabbatar yana da izinin yafe kuɗi, domin izinin karɓa daban ne da izinin yafewa.

Takardar da aka rubuta a zaure hujja ce mai ƙarfi, amma ita kaɗai ba ta ba usiye ikon kama kayan mai bashi, sai an bi ta wajen alƙali tukuna. Idan kuɗin suna da yawa, ko an riga an ga alamar taurin bashi, ya fi kyau a ƙulla sulhun a ofishin notar, wato jami'in da doka ta ba ikon tabbatar da takardun yarjejeniya, ko a kai shi gaban alƙali ya sa hannu tare da ɓangarorin biyu, domin irin waɗannan takardu ana iya zartar da su kai tsaye idan rana ta wuce. Kuɗin wannan hidima a rubuta wanda zai biya shi, a takarda guda da sauran sharuɗɗan.