An juya kuɗin, amma wa ya sa hannu?

A garin da nake zaune, wani ƙaramin gari kusa da Liyon a Faransa, injin da ke ɗumama azuzuwan lakkwal ɗin ɗiyata ya mutu a tsakiyar watan Nuwamba. Wanda bai taɓa shan sanyin nan ba zai ɗauka ƙaramin abu ne. Yara na zaune da rigunan sanyi da safar hannu, malama na magana tururi na fita daga bakinta. Cikin ƴan kwanaki aka kawo sabon inji. Ni abin da ya tsaya mini a rai shi ne inda kuɗin ya fito, don kasafin garin tun watan Afrilu aka amince da shi, kuma babu layin inji a cikinsa. Wani maƙwabcina ya ce in ina son sani in je zaman majalisar gari, ƙofa a buɗe take ga kowa. Na je.

Ɗaki ne a benen ma'aikatar magajin gari, tebur mai siffar kofaton doki, kowane kansila da sunansa a rubuce a gabansa, da gorar ruwa, da tarin takardu. Mu ƴan kallo muna kan kujerun roba a baya, ba a yarda mu yi magana ba. Mataimakin magajin gari mai kula da kuɗi, wani dattijo da tabarau a kan hanci, ya haska tebur ɗin lissafi a bango ya fara karantawa layi bayan layi, da muryar da za ta iya sa mutum barci.

Aikin gaba ɗaya ya ci yuro 60,000, wajen sefa miliyan 39. An biya shi ta hanya biyu, kuma hanyoyin ba ɗaya suke ba.

Yuro 40,000 na farko, na sayen injin kansa, magajin gari ne ya ɗauko su shi kaɗai daga kuɗin da aka ware don sake shimfiɗa kwalta a wata hanya. Bai jira zama ba, kuma bai karya doka ba. Lokacin amincewa da kasafi majalisar ta ba shi izinin juya kuɗi daga babi zuwa babi, iyakarsa kashi 7.5 cikin ɗari na abin da za a kashe a kowane sashe, wanda shi ne ƙololuwar da dokar Faransa ta yarda a bai wa magajin gari. Sashen gine-gine da kayan aiki na garin yuro miliyan 2 ne, wato zai iya motsa har 150,000 a shekara. Jimlar kasafi ba ta ƙaru ba, ba ta ragu ba, wuri kawai kuɗin ya sauya. Amma izinin yana da igiya a wuya. Sai ya rubuta shawarar ya sa hannu, ya aika wa perefe, sannan ya faɗa wa majalisa a zama na farko da ya biyo baya. Kuma ko dala ɗaya ba zai taɓa ba a babin albashin ma'aikata ta wannan hanya.

Sauran yuro 20,000, na sauya tsofaffin bututu, labarinsu daban. Tallafi ne da hukumar da ke sama da garin ta amince ta bayar bayan injin ya mutu. Sabon kuɗi ne da ba ya cikin kasafin Afrilu, don haka jimlar za ta ƙaru. A nan sa hannun magajin gari bai isa ba, ko da kuɗin na zaune a asusu. Dole a kawo kwaskwarimar kasafi gaban majalisa, a rubuta 20,000 a gefen shiga, a rubuta 20,000 a gefen fita, gefen biyu su yi daidai, a ɗaga hannu. Kafin wannan ƙuri'a mai gyaran bututu ba zai ga takardar aiki ba.

Sai wata tsohuwa daga ɓangaren adawa ta ɗaga yatsa. Ta ce ba ta ja da injin ba, yara ba za su zauna cikin sanyi ba, amma a faɗa mata wace hanya ce aka ɗebe wa kuɗi, kuma yaushe za a mayar. Magajin gari ya ɗan murtuke, ya faɗi sunan hanyar, ya ce za ta shiga kasafin baɗi. Ta ce a rubuta. Aka rubuta. Bayan ƴan kwanaki na ga jerin abin da aka zartar a manne cikin akwatin gilas a ƙofar ma'aikatar, kusa da sanarwar ɗaurin aure.

A makon nan ne Yayana ya kira ni daga gida. Maganar magudanar ruwan da ke bayan gidanmu ce, a wata ƙaramar hukuma ta jihar Maradi da ba zan kama sunanta ba. An daɗe da cewa ta shiga kasafi, har an zo da igiyar awo an kafa turaku. Damana ta zo ta wuce, awaki sun tuge turakun. Na ce, "Yaya, ina aka kwana?" Ya ce ya je ya tambaya, an ce masa an juya kuɗin. Na ce an juya zuwa ina, wa ya sa hannu, a wane wata? Ya yi dariya ya ce, "Kai ƙanena, zaman Turai ya ɓata ka. Nan wa zai tsaya ya ba ka wannan amsa?"

Dariyar ce ta ƙona mini rai, don ba rashin doka ne ke damunmu ba. Ƙasashen UEMOA, wato na Afirka ta Yamma masu amfani da sefa, sun fitar da ƙa'ida ɗaya kan dokokin kasafi a 2009, Nijar kuma ta mayar da ita dokarta a 2012. Ƙa'idar ta ce duk juye-juyen da za a yi wa wani shiri na gwamnati cikin shekara, in an haɗa su, kada su wuce kashi 10 cikin ɗari na abin da aka amince wa shirin. Juyawa tsakanin ma'aikatu biyu sai da dekere. A cikin shiri ɗaya kuwa hanyar mai zuwa ɗaya ce: ana iya ɗaukar rarar albashi ko kuɗin gudanar da ofis a ƙara wa gine-gine, amma ba a ɗebo daga gine-gine a zuba a albashi ko a man mota. In kuma jimlar kanta za a taɓa, sai dokar gyaran kasafi. Faransa a matakin ƙasa ta fi matsewa, kashi 2 cikin ɗari ta yarda a juya tsakanin shirye-shiryen ma'aikata ɗaya, amma ginin tunanin ɗaya ne. Mu ma muna da shi a takarda.

Zan yi adalci, ko da kaɗan. Magajin garin nan ya san tun farkon shekara kusan abin da zai shigo masa, harajin gidaje da kason gwamnati ba sa saɓa alkawari sosai. Namu yana rubuta kasafi ne a kan harajin kasuwa da na tasha da alkawarin masu ba da tallafi, sannan a wayi gari an rufe iyaka da Najeriya, kasuwar Maradi ta yi tsit. A Oktoban 2023, bayan takunkumi, ƙasa baki ɗaya ta rage kasafinta da wajen kashi 40 cikin ɗari, daga kimanin miliyar 3,290 na sefa zuwa kimanin 1,980. A damanar 2024 ruwa ya rusa gidaje a Maradi, kuma duk shugaban da ya ƙi juya kuɗi ya sayi hatsi da tabarmi a irin wannan rana bai san aikinsa ba. Mu muka fi su buƙatar gyara kasafi a tsakiyar shekara.

To amma wannan hujjar a kanmu take komawa. In kasafinka ba ya kai Disamba yadda aka rubuta shi a Janairu, kasafin gaskiya shi ne gyare-gyaren, kuma su ne ya kamata a fi karanta wa mutane. Mu kuwa ranar amincewa da kasafi ake kiran rediyo, a jera adadi, a ci a sha. Ranar da aka cire magudana aka sa wani abu babu wanda ya ji. Ragin 2023 aƙalla an sanar da shi, kowa ya ji adadin. Na ƙananan hukumomi ne ke wucewa cikin duhu, balle tun Afrilun 2024 da aka rusa majalisun aka naɗa masu riƙo. Mai riƙo na iya zama mutumin kirki ƙwarai, na san akwai su. Kujerar tsohuwar nan mai ɗaga yatsa ce babu kowa a kanta.

Da za a manna takardun, ba sai mutum ya yi karatun lissafi ba zai gane inda ake wasa. Ya duba inda kuɗin ya dosa. In daga gini yake fita yana shiga man mota da kuɗin tafiye-tafiye, shekara bayan shekara, to tun farko an rubuta ginin ne don a sami abin faɗa a rediyo. Ya duba watan kuma. Juyin da aka yi a Agusta saboda ambaliya yana da dalilinsa a fili, wanda aka yi a ƙarshen Disamba sau da yawa an riga an kashe kuɗin ne, ana neman takardar da za ta rufe. Aikin da ke fitowa a kasafi uku a jere kuma ba a aza ko bulo ɗaya ba, wannan ya zama rumbun da ake ɗiba duk lokacin da aka matsu.

Abin da ban faɗa wa Yaya ba a waya, don girmansa, shi ne na san inda maganar za ta ƙare. Za a taru bayan sallar la'asar, a ce tunda hukuma ba ta yi ba mu yi da kanmu, a rubuta sunayen ƴan unguwa da ke waje. Na Kano da Legas, na Abijan, na Libiya, da ni. Za a yanka mini kaso mafi tsoka don ana jin yuro a bakin itace ake tsinkarsa. Kuma zan aika, don ɗakin Inna ne ruwan ke fara shiga. Mu ne ƙarin kasafin unguwa, ba tare da zama ba, ba tare da ɗaga hannu ba. Haka muka yi rufin masallaci, haka muka yi famfo.

Ba kuɗin ke ci mini rai ba. In na aika jika ɗari biyu ni ɗan gida ne, ana sa mini albarka a saƙon murya. In na tambayi takardar da ta nuna inda kuɗin magudana ya tafi, sai in zama baƙo, a ce kai da ba ka nan me ka sani. A wannan unguwar aka yanke mini cibi, na san kowane lungu da ruwa ke bi in an yi sama, na san gidan da katangarsa za ta fara faɗuwa. Na ce wa Yaya a wannan karon ya sa ɗansa, wanda ya gama lise, ya rubuta wasiƙa da Faransanci yana neman kwafin shawarar da ta juya kuɗin, ya kai da hannunsa, a buga masa hatimin karɓa a kan kwafinsa. Yaya ya ce zai duba. Ya kuma ce siminti ya ƙara kuɗi, in yi ƙoƙari in aiko kafin ƙarshen wata.