Ba a fafe gora ranar tafiya: nasiha ga ƙannena matasa a kan kuɗin asibiti

Abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne abin da idona ya gani makon da ya wuce a nan Garwa, a arewacin Kamaru. Wani yaro ɗan unguwarmu, wanda ya shekara uku yana tara kuɗi har ya mallaki babur nasa na kansa, ya tsaya a bakin titi da tsakar rana yana roƙon dillalai su saya, domin matarsa ta kwana tana naƙuda kuma likita ya ce sai an yi mata tiyata. Babur ɗin da ya saya sefa 500,000 bai cika shekara ba, amma a ranar ya sallama shi a kan 280,000, saboda dillali yana ganin jar ido ya san mai kaya ba shi da lokacin ciniki. Allah ya sauke matar lafiya, mun kuma gode masa, sai dai har yau raina bai daina ɓaci ba, domin wannan asara da hannu aka jawo ta.

Ku zo mu yi lissafin tare, ƙannena. Tsakanin motar da ta kai ta, da tiyata, da jini, da takardun magani da aka yi ta miƙo masa, da abincin masu jinya, ya gaya mini ya kashe kusan 150,000. Abin da ya rage ya tafi wajen ragon suna da biyan ƙananan basussuka. Yanzu babur ɗin wani yake hawa, yana kai wa mai shi 2,500 kowace yamma kafin ya ga na cefane, wato idan ya yi aikin kwana 26 a wata ya ba wani 65,000 da a da aljihunsa suke shiga. Ashe kuɗin asibitin ma shi ne ƙaramar asarar. Babbar ita ce jarin da ya salwanta, wanda kullum rana ta fito sai ya sake biyan kuɗin wancan dare guda.

Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne, akwai hanyar da za ta tsare masa wannan babur, kuma ya san da ita. A jihohin Adamawa da Arewa da Arewa Mai Nisa akwai takardar nan ta masu ciki da ake kira shek sante, wadda mace ke saya sefa 6,000, ta yi awon ciki da ita, ta haihu da ita, idan tiyata ta kama a yi mata, a kuma duba ta da jaririnta har kwana 42 bayan haihuwa, muddin asibitin yana cikin waɗanda aka amince wa shirin. Na tambaye shi dalilin da ya hana shi saya, sai ya ce mini iyayenmu a ɗaki suka haife mu, kuma sayen takardar tiyata tun mace tana lafiya mugun fata ne. Jaka shida ya ƙi fitarwa, kuɗin da bai kai abin da yake zubarwa a cacar ƙwallo a wata guda ba.

Wannan hali shi nake kuka da shi, halin jira sai ciwo ya kwantar da mutum sannan a fara neman abin da za a sayar. Ana ganinsa wajen manomin da ya karɓi kuɗin auduga ya ƙarar da su kafin damina, sai zazzaɓin cizon sauro ya kama yaransa biyu a watan Agusta, lokacin da rumbu ya yi ƙasa kuma babu kuɗi a hannun kowa, ya kama akuya mai ciki ya kai kasuwa. Ana ganinsa wajen mai shagon da mahaifinsa ke fama da hawan jini, ya ƙi sayen ƙwayar wata-wata, har ɓarin jiki ya shanye, sannan ya kwashe kayan shago ya yi gwanjonsu. Mutum zai yi adashin shekara domin ankon biki da sabuwar waya, amma ka ce masa ya ajiye wani abu saboda ranar ciwo, sai ya dube ka kamar ka yi masa baki. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, kuma masu sayen gona da arha a ƙofar gidan mai jinya suke samun nasu wurin.

Masu fakewa da tawakkali kuwa, ina tuna musu cewa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya umarci mai raƙumi ya ɗaure shi sannan ya dogara ga Allah, kuma Annabi Yusuf ya sa an tara hatsin shekara bakwai na wadata saboda bakwai na fari. Babu wanda ya ce da su sun yi wa kansu mugun fata.

Ba na so kuma in yaudare ku da cewa takarda ɗaya ta gama komai. Tun shekarar 2023 gwamnati ta buɗe kashin farko na shirin kula da lafiyar kowa da kowa, wanda ya sauƙaƙa duba yara 'yan ƙasa da shekara biyar da maganin zazzaɓinsu, ya kuma mayar da kuɗin wankin ƙoda sefa 15,000 a shekara ga wanda ya yi rajista. Wannan taimako ne babba, kuma wanda bai rubuta iyalinsa ba ya cuce su. Amma ranar da kai magidanci ka faɗi da babur ka karya ƙafa, takardar matarka ba za ta biya maka ba, haka nan ba ita za ta ciyar da gida a watannin da kake kwance ba. Adashi ma ba ya tsayawa a wannan gurbi, domin ɗaukarka tana zuwa ne a ranar da aka yanka, ciwo kuwa ba ya duba jerin suna. Dole sai da asusu na dabam wanda ba a taɓa shi don suna ko Sallah. Wanda ya jefa sefa 200 kowace rana zai ga 6,000 a wata, ya ga fiye da 70,000 a shekara, kuma da yaron nan ya yi haka cikin shekara ukun da ya yi yana tari, ko babu takardar ma da bai tsaya gaban dillali ba. Inda kuma ƙungiyar 'yan kasuwa ko ta masu babur take da asusun lafiya na taimakon juna, a shiga tun ana da ƙarfi, domin irin wannan asusu yakan sa wa sabon shiga wa'adi kafin ya fara amfana, kuma babu mai karɓar zubin mutum yana kan gadon asibiti.

Iyayenmu da ake kafa hujja da su ba haka suka rayu ba. Kakata tana da tunkiya guda da kowa a gidan ya san ba ta layya ba ce, ba kuma ta biki ba, ta lalura ce, kuma mahaifina yana da rumbu ɗaya da ba a buɗe shi sai an ga sabon hatsi ya shigo gida. Ba su san sunan wani shiri ba, kuɗi kuma bai ratsa hannunsu kamar yadda yake ratsa naku ba, amma suna jin kunyar a ce magidanci ya fita neman rance da dare saboda haihuwar da ya san da zuwanta wata tara. Yau wannan kunya ta tafi, har an mayar da yawo da takardar magani a ƙofar masallaci abin da aka saba gani. Jiya da safe na haɗu da yaron a mahaɗar kasuwa yana jiran fasinja a kan babur ɗin haya, ya gaishe ni, na tambaye shi mai jego da jariri, ya ce suna lafiya, sai dai bai haɗa kuɗin mai babur na shekaranjiya ba tukuna.