Gida ɗaya, kalandar makaranta uku: iyayen Abuja mun gaji

Wallahi abin ya ishe mu. Duk wanda yake zaune a Abuja da kewayenta ya san wannan wahalar: uba yana aiki a cikin gari, gidansa na Mararaba ko Suleja, ƙaramin ɗansa na makarantar unguwa, 'yarsa na Nyanya, babban kuma yana makarantar kwana a Katsina ko Bauci. Ranar komawarsu daban, ranar hutunsu daban, albashin kuwa guda ne, sai ƙarshen wata.

Tushen abin ba ɓoyayye ba ne. Tsarin mulkin 1999 bai damƙa ilimi a hannun gwamnatin tarayya ita kaɗai ba, jihohi ma suna da iko a kai. Shi ya sa ma'aikatar ilimi ta kowace jiha take fitar da kalandarta. A Abuja sakatariyar ilimi ta hukumar babban birni ce ke tsarawa, makarantun haɗin kai na tarayya kuma suna bin ta ma'aikatar ilimi ta tarayya. Da ka wuce Nyanya ka shiga Mararaba, ka faɗa ƙarƙashin kalandar jihar Nasarawa da ke fitowa daga Lafiya, Suleja kuma tana jiran ta jihar Neja daga Minna. Masu makarantun kuɗi su ma sukan ƙara mako ko su rage yadda suka ga dama.

Ba bambancin nake ƙi ba, yana da dalilinsa. Watan azumi yana matsowa da kwana goma zuwa sha ɗaya duk shekara, Ista ma ba ta da tsayayyar rana, kuma zafin Maris a Birnin Kebbi ba irin na Jos ba ne. Abin da ke ƙona mini rai shi ne a ce mutanen da aka ɗauka don wannan aiki ba sa zama su dubi yadda kalandunsu ke karo da juna a cikin gida ɗaya.

A duba abin da ya faru a 2025. An ɗauki azumi ranar 1 ga Maris, aka yi Sallah ranar 30, Ista ta faɗo ranar 20 ga Afrilu. Bauci, Katsina, Kano da Kebbi suka rufe makarantu tun ƙarshen Fabrairu, kusan mako biyar, har ƙungiyar Kiristoci ta ƙasa ta fito ta yi ƙorafi. Makarantun Abuja kuwa suka ci gaba da zango na biyu har cikin Afrilu. To, ga uban da na faɗa: babban ɗansa ya dawo gida yana zaman kashe wando ƙannensa na aji. Ana gama Sallah aka nemo kuɗin mota da na makaranta da kayan abinci aka mayar da shi, bai jima da tafiya ba ƙannen suka samu nasu hutun, ƙarshen wata kuma ga kuɗin zango na uku. Yaushe yaran nan suka zauna tare? Yaushe aka je gaida kaka?

Aljihu ma da sauƙi a kan karatun. Zango na yau da kullum mako goma sha biyu ne zuwa sha uku. Cire makon farko da ke tafiya a shara da jiran ɗalibai, cire hutun tsakiyar zango, cire makon bita da na jarrabawa, abin da ya rage na koyarwa bai fi mako takwas ko tara ba. Yanzu a jihar da ta rufe zango na biyu saboda azumi, ka ƙirga daga farkon Janairu zuwa ƙarshen Fabrairu: mako takwas ne gaba ɗaya, da bita da jarrabawa duk a ciki. In ba a fara shekarar da wuri ba, ko ba a tsawaita zango na uku ba, malami sai dai ya tsallake darussa. Iyaye za su iya ganewa da kansu. Ku buɗe littafin rubutun yaro ku nemi malami ya nuna muku jadawalin darussan mako-mako, za ku ga inda aka yi tsalle. Ita kuwa WAEC babu ruwanta da kalandar jiharku, jadawali ɗaya take bugawa, ɗan Bauci da ɗan Garki rana ɗaya za su zauna, tambaya ɗaya za su amsa.

Haba jama'a! Lokacin da azumi zai kama da ranar Ista ana iya lissafa su shekaru kafin su zo, saɓanin ganin wata bai wuce kwana ɗaya ba. Akwai majalisar ilimi ta ƙasa, inda minista da kwamishinonin ilimi na jihohi ke haɗuwa. Me zai hana a tsayar a can cewa kowace jiha ta cika adadin makonnin koyarwa iri ɗaya, ta raba hutunta yadda ya dace da mutanenta, ta buga kalandar tun watan Yuli, kuma kada a taɓa ta sai in tsaro ko annoba ne suka tilasta? Abuja da Nasarawa da Neja kuwa, tunda yaranmu mota ɗaya suke shiga da safe, su daure su haɗa ranar komawa da ranar tashi.