Me ya sa rubutu ke ƙanƙancewa a takarda?

"Na buga takardata, rubutun ya fito ƙanana, gefen dama kuma ya yi faɗi. Injin ne ya lalace?"

Injin lafiyarsa ƙalau. Idan akwai sharhi ko gyare-gyaren Track Changes, wato tsarin da ke nuna abin da aka ƙara ko aka goge a fayil, manhajar Word takan matse shafin gaba ɗaya domin ya samar musu wuri a gefe. Cire alamar da ke kan Print Markup kafin bugawa yana dawo da tsarin.

Sai dai cire wannan alamar, ko zaɓen No Markup a ƙarƙashin Review, ɓoye gyaran kawai yake yi, wanda aka aika wa fayil ɗin zai iya ganin duk abin da aka goge. Kafin aikawa, a shiga Review a danna Accept All Changes and Stop Tracking, sannan Delete All Comments in Document.