Hoton bango kaɗai ba ya sayo littafin makaranta

Jama'a, don Allah idan za ku aiki mutum ya sayo wa yaro littafi, ku daina tura masa hoton bango shi kaɗai. Ni na gani a jikina.

Yayata ce ta turo mini hoto ta WhatsApp, wai littafin lissafin 'yarta ta aji biyu a ƙaramar sakandare. A hannun wata ƙawar yarinyar aka ɗauke shi, babban yatsa ya rufe kusurwar sama, ƙasan ma an yanke. Na shiga Sabon Gari a Kano, na nuna wa wani mai shago, sai ya zaro guda biyu. Launinsu ɗaya, sunan ɗaya, zanen ma ɗaya. Ya ce, "Alhaji, ɗauki wannan, 2016 ne, wancan kuwa 2015." Na biya na tafi ina ganin na yi dabara. Bayan kwana uku malami ya ba da aikin gida a shafi na 84, yarinya ta buɗe ta tarar da wani babi daban.

Abin da ban duba ba yana bayan shafin farko, inda ake jera shekaru da ƙananan haruffa. Littafin da na saya an fara wallafa shi a 2009, a 2016 sake buga shi kawai aka yi, ko waƙafi ba a taɓa ba. Na 2015 ɗin shi ne wanda aka yi wa gyara. Wato shekarar da ta fi kusa ita ce ta tsohon zubi. Sake bugu daban, gyararren bugu daban, kuma shekarar gyara ita ce abin nema. Ban ɗora wa mai shago laifi ba, shi ma lambar da ta fi girma ya gani.

Gyaran yana da dalili. Hukumar NERDC ce ke tsara manhajar firamare da sakandare a Najeriya. Manhajar ilimin bai-ɗaya ta shekara tara ta fara aiki a 2008, aka sake mata fasali, sabon ya shiga aji a 2014. Littafin 2009 a kan ta farko aka gina shi, ko sau nawa aka sake buga shi.

Yanzu hoto uku nake nema kafin in fita daga gida. Na farko bango cikakke, har kusurwoyi, domin a nan masu ɗab'i ke liƙa ɗan tambarin da ke nuna bugu na nawa ne, kuma a nan ne yatsa ke yawan sauka. Na biyu shafin shekarun nan. Na uku bayan littafi, inda lambar shaidar littafi, wato ISBN, take. Ita ce ta fi raba gardama, saboda a ƙa'ida gyararren bugu yana samun sabuwar lamba, sake bugu kuwa yana riƙe tsohuwa. Daga 2007 lambar ta koma ƙwaya 13, don haka idan ka ga mai ƙwaya 10 ita kaɗai, littafin ya kwana biyu. Ka gwada lambar hoton da ta littafin da ke hannunka ƙwaya bayan ƙwaya, kar ka tsaya a farkon, domin littattafan da aka yi wa rajista a Najeriya da 978-978 suke farawa, na kamfani ɗaya kuma tsakiyarsu ma kan zo ɗaya. Bambancin yana can ƙarshe.

Lambar ma tana da iyaka. Masu satar fasaha suna kwafe bango da lambar gaba ɗaya. Su a takarda ake kama su: rubutun baya yana leƙowa ta gaba, zane ya yi dishi-dishi, wani lokaci shafuka sun tsallake.

Sannan ko ka dace da littafin da ke cikin hoto, wa ya ce shi ne ake koyarwa bana? Ƙawar yarinya ma wataƙila na yayarta ta gada. A 2025 gwamnati ta sake sanar da sabuwar manhaja, kuma irin wannan canji ba ya shiga dukan azuzuwa rana ɗaya, daga ajin farko na kowane mataki yake farawa ya riƙa hawa da yaran. Ke nan ɗan aji ɗaya da ɗan aji uku a gida guda suna iya kasancewa a kan manhaja daban-daban, kuma mafi sabon bugu ba lallai ya dace da babban yaron ba. Shi ya sa nake cewa a karɓo jadawalin darussan zango daga wajen malami, a buɗe shafin abubuwan da ke ciki, a nemi batutuwa huɗu ko biyar. Idan biyu sun ɓace, a ajiye littafin.

Wancan na 2016 yana nan a kan kabad ɗina. Mai shago ya ƙi karɓa, don yarinyar ta riga ta rubuta sunanta da biro a gefen shafukan.