Raqqa Ta Shiga Darasi, Bosso Ba Ta Shiga Ba

Darasin dokar ƙasa da ƙasa da nake zuwa bayan na tashi aiki a nan Paris ana yin sa ne a wani ɗaki na hawa na uku, mai dogayen tagogi da ƙarfen ɗumama ɗaki da kowa ke shanya jiƙaƙƙiyar rigarsa a kai. Ranar da abin ya faru ana yayyafin nan nasu marar ƙarewa, ƙarfe biyar gari ya riga ya yi duhu. Na biyo ta titin Voltaire, na wuce zauren kiɗe-kiɗe na Bataclan da fentinsa mai launi-launi, na ɗan tsaya a lambun da ke kallonsa, inda aka kafa allo mai sunayen mutum 90 da aka kashe a ciki ran 13 ga Nuwamba 2015. Akwai furanni a ƙasa, ruwa ya jiƙa su. Mutum 130 aka kashe a daren baki ɗaya.

Malamarmu ta rubuta a allo ƙasashen da suka ce sun kai hari cikin wata ƙasa don kare kai daga ƙungiyoyi masu makamai: Amurka a Afganistan, Turkiyya a arewacin Iraƙi, Faransa a Siriya. Na ɗaga hannu na ce, Nijar fa, da ta haye zuwa Damasak a 2015? Ta ce min cikin ladabi: “Wannan ba ya cikin lissafi, ai da yardar Najeriya aka yi.” Ta ci gaba da darasinta.

Maganar ta sosa min rai. Na kwana ina juya ta, kuma na yarda a doka gaskiya ta faɗa. Amma a wurina abin da ya fitar da mu daga lissafin nata shi ne ya sa tamu hanyar ta fi.

Yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya ta hana ƙasa amfani da ƙarfi a kan wata. Sashe na 51 ya bar ƙofa: idan an kawo maka hari da makami kana iya kare kanka, ka sanar da Kwamitin Sulhu nan take. Rigimar ita ce idan maharin ba gwamnati ba ne, ƙungiya ce da ta fake a ƙasar wani. Kai kana cewa ƙungiyar kake duka, amma bama-baman a ƙasar mai ƙasa suke sauka. Sharuɗɗa biyu ake auna wannan da su, larura da gwargwado, kuma duk wanda ya zauna gaban malamin fiƙihu ya san su: larura na halatta abin da aka hana, amma gwargwadonta ake auna ta.

Tushen sharuɗɗan ma a bakin kogi yake. A Disamba 1837 ƴan tawayen Kanada na samun mutane da makamai ta wani jirgin ruwa mai suna Caroline, daga gaɓar Amurka ta kogin Niagara. Dakarun Birtaniya suka haye da dare, suka cinna masa wuta, suka sake shi ruwa ya tafi da shi. Daga baya sakataren harkokin wajen Amurka, Daniel Webster, ya rubuta wa Birtaniya cewa sai ta nuna larurar ta gaggawa ce, ba ta bar wata mafita ko lokacin shawara ba, kuma abin da aka yi bai zarce larurar ba.

To a auna Faransa da wannan mudu. Tun Satumba 2015 ta fara kai hari a Siriya, ta kafa hujja da sashe na 51. Kwana biyu bayan Bataclan jiragenta suka yi ruwan bama-bamai a Raqqa, gari mai nisan fiye da kilomita 3,000 daga nan. Ban ƙi ba, ƙungiyar Daesh, wato IS, ta ɗauki alhakin harin, Raqqa ce hedikwatarta a lokacin, gwamnatin Damaskus kuwa ba ta da iko da garin. Na ga baƙin cikin mutanen nan da idona, ba na raina shi. Sai dai yawancin maharan ƴan Faransa da Beljiyam ne, kuma a Brussels aka yi mafi yawan shirin. Wane hari mai zuwa bama-baman wancan dare suka tare? Gwargwado a doka ba ƙirgar gawa ba ne, ba a cewa an kashe min ɗari sai na kashe ɗari. Ana auna ƙarfin ne da abin da ake buƙata don tsayar da harin. Abin da ya haura haka ramuwar gayya ce, doka kuwa ba ta yarda da ramuwa da makami ba.

Hujjar da Amurka ta kai wa Kwamitin Sulhu a Satumba 2014 ita ta fi damuna: idan ƙasa ba ta so ko ba ta iya hana ƙungiya kai hari daga cikinta, wai kana iya shiga ba sallama. Wa ke yanke hukuncin cewa ta kasa? Mai jiragen. Kotun Duniya mai shari'a tsakanin ƙasashe ba ta taɓa amincewa da wannan ba. A shari'ar Kwango da Yuganda ta 2005, Yuganda ta ce ƴan tawayen ADF ne ke kawo mata hari daga gabashin Kwango. Kotu ta ce ba a nuna hannun gwamnatin Kwango a hare-haren ba, ta ƙara da cewa kama garuruwa da filayen jirgi masu nisan ɗaruruwan kilomita daga iyaka bai yi kama da larura ko gwargwado ba.

Mu kuwa, ran 6 ga Fabrairu 2015 Boko Haram ta afka wa Bosso da Diffa daga tsallaken Komadugu. Kun san ruwan, kun san yadda ake hango wancan gefen. Idan akwai ƙasar da za ta iya cewa maƙwabciyarta ta kasa, Nijar ce a lokacin, don garuruwan tsallake duk suna hannun Boko Haram. Duk da haka sai da majalisar dokoki ta kaɗa ƙuri'a a Yamai, aka bi ta yardar Abuja da tsarin rundunar haɗin gwiwa ta yankin Tafkin Chadi, sannan a Maris sojojin Nijar da na Chadi suka haye suka karɓe Damasak. An yi gunaguni tsakanin gwamnatocin, amma an yi sallama kafin a shiga. Indai mai gida zai buɗe maka ƙofa, babu larurar haura katanga. Nisan kuma na kilomitoci kaɗan ne, inda harin ya fito nan aka je.

Ba zan ce hannunmu tas yake ba. Bayan harin da Boko Haram ta kai tsibirin Karamga na Tafkin Chadi a Afrilu 2015 an umarci mutanen tsibirai su tashi cikin ƴan kwanaki, suka taka a ƙasa cikin zafin bazara. An hana babur, an hana cinikin kifi da tattasai don a toshe wa ƙungiyar kuɗi. Wannan wani babin doka ne daban, na yadda gwamnati ke yi da mutanenta, amma tambayar gwargwado tana nan. Kawuna da tattasai ya riƙe gidansa, a gonarsa ta bakin Komadugu. Kowace shekara inna takan aiko min da ƙulli ɗaya a hannun masu zuwa, in daka in zuba a miya, ɗakin duka ya ɗauki ƙamshin gida. A shekarar ba a aiko ba. Da na kira shi na ce: “Kawu, ina labarin gona?” sai ya ce: “Ɗana, gona tana nan inda ka santa, mu ne ba ma nan.”

Na shirya zan gaya wa malamar duk wannan a mako na gaba, har na rubuta ranakun a takarda. Da na shiga ɗakin an riga an wuce zuwa dokar teku, takardar ta koma aljihu. Da dare na kira kawu, yana Diffa har yanzu a gidan haya, ya ce an fara shanya tattasai a wasu garuruwan, ya tambaye ni ko akwai mai tahowa kafin azumi.